Taswirar Kano da ruɗin ido: faɗin ƙasa ba shi ne yawan jama'a ba

Duk lokacin da aka yi zaɓe, ko annoba ta ɓarke, ko aka zo rabon kayan tallafi, akan ga taswirar Jihar Kano da ƙananan hukumominta 44, kowace an shafe ta da launi. Mai kallo kan yanke hukunci nan take cewa launin da ya fi cika taswirar shi ne ya yi rinjaye. A nan kuskuren yake, domin abin da ido ke aunawa faɗin ƙasa ne, alhali mutane ne ke jefa ƙuri'a, su ne kuma ke kwanciya a asibiti.

Ƙidayar 2006 ta isa hujja. Ƙananan hukumomi takwas na ƙwaryar birni da kewaye, wato Birni, Fagge, Dala, Gwale, Tarauni, Nasarawa, Ungogo da Kumbotso, faɗinsu gaba ɗaya bai wuce murabba'in kilomita 500 ba, a jihar da ta kai kimanin 20,000. Amma a cikinsu aka ƙirga mutum miliyan 2.8, kusan kashi 30 cikin 100 na al'ummar jihar. Ita kuwa Doguwa, wadda dajin Falgore ya ci wani ɓangare nata, ta kusa ninka su uku a faɗi, da mutum kimanin 151,000 kacal. Kumbotso kaɗai ta kusa ninka Doguwa biyu a yawan jama'a, amma a taswira ba ta fi ɗigon tawada ba idan aka ajiye su tare. Saboda haka jam'iyya na iya mamaye taswira da launinta, ta kuma faɗi zaɓe.

Ruɗi na biyu yana cikin adadin da aka shafa wa launin. Idan tsurar jimilla ce, kamar yawan masu zazzaɓin cizon sauro, to inda jama'a suka fi yawa nan launi zai fi duhu, ko da cutar ba ta fi tsanani a can ba. Maganinsa shi ne a raba adadin da yawan mutanen wurin, sannan a ninka da 100,000.

Ga misali na ƙaddarawa, da ainihin alƙaluman ƙidaya. A ce a wata guda an samu majinyata 600 a Kumbotso mai mutum kimanin 296,000, an kuma samu 500 a Bunkure mai kimanin 171,000. Taswirar jimilla za ta nuna Kumbotso ce kan gaba. Da an yi rabon, sai a ga Kumbotso na da kusan 203 a kowane mutum 100,000, Bunkure kuwa 292. Ke nan mazaunin Bunkure, inda magudanan ruwan madatsar Tiga ke ratsa gonakin shinkafa har cikin rani, ya fi zama cikin haɗari. Jami'in da ya dogara da taswirar farko zai fifita wurin da bai kamata ba wajen aikin rigakafi, ko da yake yawan maganin da za a kai kowane asibiti jimillar ce ke faɗinsa.

Sai dai rabawar ma tana da iyaka. Tun 2006 ba a sake ƙidaya ba, an kuma ɗage wadda aka shirya yi a 2023. A tsawon wannan lokaci unguwanni irin su Sheka da Panshekara sun cika sun batse, don haka raba adadin yau da mutanen 2006 zai kambama matsalar Kumbotso. A Kura da Bunkure kuwa, 'yan ci-rani da ke zuwa aikin tumatir da shinkafa ba sa cikin lissafin mazauna. Haka nan majinyacin da ya taso daga ƙauye aka kwantar da shi a Asibitin Murtala na iya shiga lissafin birni.

Ba kuma kullum ake rabawa da yawan jama'a ba. Idan takin zamani ake magana, yawan manoma ko hektar da ake nomawa ne ma'auni. In aka raba da jama'a, Dala za ta fito tamkar wadda aka zalunta, alhali gidaje ne suka cika ta.

Ko bayan an daidaita alƙaluman, Doguwa za ta ci gaba da cika ido, domin rabawa ba ta rage faɗinta a takarda. Shi ya sa masana taswira ke ɗora da'ira a kan kowace ƙaramar hukuma, girmanta daidai da yawan mutanenta, ko su ajiye jadawali a gefe. Ɗan kasuwar da ke neman inda zai buɗe shago, da ma'aikacin da ke tsara kasafi, ya kamata su fara karanta bayanin da ke ƙasan taswira: jimilla ce ko kaso, kuma da ƙidayar wace shekara aka raba. Taswirar da ba ta faɗi wannan ba, ba a gina kasafi a kanta.