"Ba a saci bayanan kowa ba" amsa ce ta tambaya ɗaya cikin uku

Duk lokacin da aka kutsa cikin na'urorin wata hukuma, akwai jimlar da kakakinta ke gaggawar furtawa: ba a saci bayanan kowa ba. Mu kuma sai mu sauke ajiyar zuciya, kamar an gama magana. A ganina wannan sakaci ne daga gare mu. Ko da jimlar gaskiya ce, tambaya ɗaya ta amsa cikin uku, kuma mai maganar ne ya zaɓi wadda ta fi yi masa daɗi.

Tambayoyin su ne farkon abin da ake koya wa ɗalibin tsaron bayanai. Shin wanda bai cancanta ba ya ga bayanin? Wannan shi ne sirri. Shin bayanin yana nan yadda aka rubuta shi, ko wani ya sauya shi? Wannan sahihanci ke nan. Shin mai haƙƙi yana samunsa a lokacin da yake buƙata? Ita ce samuwa.

A ranar Juma'a, 12 ga Mayu, 2017, manhajar neman kuɗin fansa mai suna WannaCry ta bazu a duniya. Tana shiga ta wata ɓaraka a Windows wadda kamfanin Microsoft ya riga ya fitar da gyaranta tun watan Maris, sai ta kulle fayiloli, ta nemi dala 300. A Ingila ta shafi kusan kashi ɗaya cikin uku na rukunonin asibitocin gwamnati. Hukumomi sun ce babu shaidar an kwashi bayanan marasa lafiya, kuma ba ni da dalilin ƙaryata su. To amma an ƙiyasta cewa an soke ganin likita da tiyata kusan 19,000, kuma sassan agajin gaggawa biyar sun riƙa tura marasa lafiya wasu asibitocin. Je ka gaya wa wanda aka ɗage wa tiyata cewa sirrinsa yana nan daram, ka ji amsar da zai ba ka.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne makamin da aka yi amfani da shi. Kulle fayil da mabuɗin lissafi dabara ce da aka ƙirƙira domin kare sirri. Maharan sun yi amfani da ita ce, sai dai mabuɗin yana hannunsu, don haka likita ya zama bare a gaban fayil ɗinsa. Dabarar ba ta canza ba, tambayar da ake yi mata ce ta canza. Haka nan wasu asibitocin da manhajar ba ta kama ba sun kashe na'urorinsu da imel da hannunsu don gudun kamuwa. Matakin yana da hujja, amma farashinsa samuwa ce, kuma marasa lafiya ne suka biya.

Sahihanci kuwa, wanda babu mai tunawa da shi a irin waɗannan sanarwar, yana jira ne bayan ƙura ta lafa. Duk abin da aka rubuta a takarda cikin kwanakin dole a mayar da shi na'ura, kuma sifili ɗaya da ya ƙaru a adadin magani ba ya kunna wata ƙararrawa.

Ƙwararru kan raina wannan ma'auni, su ce karatun 'yan aji ɗaya ne. Suna da ɗan gaskiya. Ba ya faɗa maka wanda ya aikata abu, ba ya kuma zaɓa maka wanda za ka fifita idan biyu suka yi karo. Asibiti da ofishin lauya ba za su jera su iri ɗaya ba. Amma shugaban ma'aikata da ake kawo wa takardar sayen kayan tsaro ba ƙwararre ba ne, kuma da tambayoyin nan uku zai iya tsare kowane ɗan kwangila.

Ɗauki ajiyar kwafin bayanai, wadda kowa ke ambata a matsayin maganin irin wannan hari. Ta fuskar samuwa tana da amfani, muddin kwafin ba ya jone da na'urar da aka kama, domin in yana jone za a kulle su tare. Ta fuskar sirri kuwa ta ƙara haɗari, tunda yanzu akwai wuri na biyu da za a iya sata, musamman in faifai ne da ke kwana a aljihun tebur ba a kulle ba. Ta fuskar sahihanci, kwafin da ba a taɓa gwada dawo da shi ba zato ne kawai. Saboda haka idan jami'in kwamfuta ya ce muku akwai kwafi, ku tambaye shi inda yake, da wanda ke iya buɗe shi, da ranar ƙarshe da aka dawo da fayil daga cikinsa aka ga ya buɗe lafiya.