Imel ɗin neman aiki ba wurin ba da tarihi ba ne

A hutun da ya wuce, shugaban makarantarmu a nan Kumasi ya ce in taya shi duba saƙonnin masu neman aikin koyar da lissafi a ajin ƙarshe na ƙaramar sakandare. Abu biyu sanarwarmu ta nema: wanda ya taɓa shirya yara don jarrabawar BECE, wanda kuma zai iya magana da iyaye da Hausa ko yaren Asante.

A waya muka karanta su. Wani ya turo takardar tarihin karatu da aikinsa, wato sibi, ko sallama babu. Wani kuma, ɗan zango irina, ya faro daga makarantar allo, ya bi firamare har kwalejin horon malamai, ya rufe da roƙon a taimaka masa saboda Allah. Sai can cikin sibi muka gano ya shekara biyar yana koyar da ajin da muke nema. Saura kaɗan mu wuce shi.

Ni a ganina, aikin imel ɗin nan ɗaya ne: ya ba mai karatu dalilin buɗe sibi. Ga fassarar wanda ya fi burge mu, da Turanci aka rubuto shi:

"Ranka ya daɗe, ina neman aikin malamin lissafi da kuka sanar. Shekara huɗu ina koyar da 'yan ajin ƙarshe, na kai rukuni uku jarrabawar BECE. Ina jin Hausa da yaren Asante, ni nake yi wa iyaye tafinta a taronsu. Zan iya farawa a zangon karatu mai zuwa. Sibi da lasisin koyarwata suna haɗe."

Ku lura, malamar nan ba ta ambaci kwalejinta ba, don yana cikin sibi. Kowace buƙata ta sanarwa ta ba ta amsa da hujja guda. Tafintar nan kuwa babu ita a sibi, ita ce kuma ta sa shugaba ya ce a kira ta.

Na san wasu za su ce gajarta magana rashin ladabi ne, mu da muka tashi da doguwar gaisuwa. Gaskiya ne, a zaure. Amma mai saƙo talatin a gabansa, ladabin da yake so shi ne kada ka ci masa lokaci. Gaisuwar layi ɗaya ta isa.

Kafin ka tura, ɗan'uwa, ajiye sanarwar kusa da imel ɗinka. Duk jimlar da ba ta amsa wani abu a cikinta ba, goge ta. In kuma ka ga imel ɗin zai tafi kowace makaranta ba tare da ka canza kalma ba, to da sauran aiki.