Malmala uku da dare ba ragin abinci ba ne

Ciwon suga yana da ƙofa, kuma mutane da yawa a Talata Mafara, Bakura da Maradun suna tsaye a bakinta. Idan aka auna jinin mutum da safe kafin ya karya, aka ga sugansa tsakanin 5.6 da 6.9, ciwon bai kama shi ba tukuna, amma ya kusa. Daga 7.0 zuwa sama, idan awo na biyu ya tabbatar, ya shiga ciki.

Abin takaici shi ne yadda ake juya maganar likita. An ce wa mutum ya rage ƙiba, sai ya ƙi karyawa, ya wuni a kasuwar Talata da ruwa da goro, bayan isha'i ya zauna wa malmala uku ta tuwon shinkafa, ya bi da fura mai suga, ya kwanta. A ganinsa ya yi ƙoƙari. Alhali sitacin da ke cikin tuwo suga yake zama a jini, kuma jikin da ya fara ƙin jin sinadarin insulin ba ya iya kwashe wannan lodi a lokaci guda. Sugan sai ya hau ya daɗe bai sauka ba.

Gyaran shi ne rabawa da ragewa tare. Mai kilo 90 ana son ya sauke kilo 5 zuwa 6 a hankali cikin watanni. Da safe koko kofi ɗaya ba suga, da ƙosai ko ƙwai. Da rana shinkafa gwargwadon dunƙulen hannunsa, wake da ganye su cika kwanon. Da dare malmala ɗaya matsakaiciya, miyar kuka ko kuɓewa ta yi yawa, a haɗa da kwaɗon zogale ko rama. Fura abinci ce mai zaman kanta: ranar da aka sha ta, ta maye gurbin tuwo. Rabawa kaɗai ba ta rage ƙiba. Wanda ya raba malmala uku gida uku nauyinsa na nan.

Masu cewa alkama da gero ba su da suga, a koma musu a ci son rai, yaudarar jama'a suke yi. Duk sitaci ne. Zuma da rake kuwa suga ne kai tsaye. Shinkafar Bakolori ba ta da laifi, girman malmalar ne matsala.

Gaskiya ne mai noma da hannu yana bukatar fiye da mai zaman shago, shi ya sa likita ne zai daidaita wa kowa nasa. Ana gane ko tsarin na aiki ta awon jini sa'a biyu bayan cin abinci: ƙasa da 7.8 ake nema. Wanda aka ɗora wa magani kada ya bar shi don ya gyara kwanonsa, kuma yawan ƙishirwa, yawan fitsari ko ramar da ba a nema ba alamu ne na komawa asibiti ba tare da jiran ranar da aka ba shi ba.