Gyaran Harshe: Saƙon Ta'aziyya Daga Vinikilang

Wanda ya fito daga Jimeta ya haye gadar kogin Binuwai ya nufi hanyar Girei, ba zai yi nisa ba sai ya tarar da kansa a Vinikilang. Gari ne na mutane iri-iri, Musulmi da Kirista, kowa da harshen da ya tashi da shi a gida, amma in an haɗu a kasuwa ko a tasha ko a ofis, galibi Hausa ce ke raba gardama. A wata makaranta ta wannan gari ne abin da za a kawo wa masu karatu a wannan mako ya faru.

Ran wata Laraba da safe labari ya iso ɗakin malamai cewa mahaifiyar wani babban malami ta rasu a Mubi cikin dare, shi kuwa tun asuba ya kama hanya. Akwai wani saurayin malami da ya shaƙu da shi ƙwarai, ga shi kuma ba halin ya bar aiki sai ƙarshen mako. Ya ɗauki wayarsa ya rubuta saƙo, ya karanta, ya sāke karantawa, zuciyarsa dai ba ta kwanta ba. Sai ya miƙa wa dattijon da ke koyar da Hausa a makarantar, ya ce, "Baba, don Allah duba mini wannan kafin in tura wa Malam." Ga abin da ya rubuta, ba ragi ba ƙari:

"Ina mika sakon ta aziya na gareka akan mutuwan mamanka. Naji bakin ciki sosai. Ka dauki zuciya, kowa zai mutu. Allah ya jikan shi."

Dattijo ya gyara zaman tabarau ya duba, kana ya tambaye shi, "Ɗana, wa ya rasu, uba ko uwa?" Saurayi ya ce uwa. Dattijo ya ce, "To ai ka yi wa namiji addu'a."

Wannan shi ne kuskure mafi nauyi a cikin saƙon, ko da yake mai shi ba shi da laifin ganganci. Harsuna da yawa na ƙasar Adamawa, har da Fulfulde, ba su raba namiji da mace a wakilin suna yadda Hausa take rabawa, saboda haka wanda ya koyi Hausa a titin Jimeta yakan ce "matata ya zo", kowa kuma ya gane abin da yake nufi. A ciniki wannan ba ya ɓata kome. Amma mutumin da ya rufe mahaifiyarsa da safe, in ya buɗe saƙo da rana ya ga an ce da ita "shi", abin da zai fara zo masa a rai shi ne, wannan saƙon an yi wa wani ne aka juyo masa. Ita addu'a ga mace sai a ce ya ji ƙanta, ya gafarta mata, ya sa ta huta. A lura kuma ba a cewa "ya gafarta ta", domin gafara yi wa mutum ake yi, shi ya sa ake cewa mata, ko masa, ko musu.

Jinsi bai tsaya ga mamaciya kaɗai ba, ya shafi kalmomin da kansu. Mutuwa da rasuwa da ta'aziyya duk mata ne a nahawun Hausa, kamar yawancin sunayen da suka ƙare da wasalin a, ban da irin su gida da ruwa da suna. Don haka rasuwar wance ake cewa, ba rasuwan wance ba, kuma ta'aziyyata, ba ta'aziyyana ba, kamar yadda ake cewa motata amma gidana. Abin da ke rikita masu koyo shi ne kalma ɗaya takan ɗauki jinsi biyu a jere. A cikin mahaifiyarka, harafin r na uwar ne, ka kuwa na wanda ake yi wa magana. In abokiyar aiki ake rubuta wa, sai ya koma mahaifiyarki, r ɗin yana nan inda yake.

Daga nan dattijo ya koma kan ƙugiya. Tun shekarun 1930 aka shigar da ɓ da ɗ da ƙ cikin rubutun boko, amma wayar hannu ta sa mutane da yawa sun yi watsi da su. Akwai ma dalili: saƙon waya na gama-gari yana ɗaukar harafi 160, amma da zarar an sa harafi mai ƙugiya guda ɗaya sai ya koma 70, kuɗin ya ƙaru. Wannan uzuri bai shafi mai turawa ta WhatsApp ba, kuma wayoyin zamani ana iya sa musu allon rubutu na Hausa. Ko ma da ƙarin kuɗin ne, ta'aziyya ba wurin tsimi ba ce. Baƙin ciki in ya rasa ƙugiya ya zama bakin ciki, watau baki irin na magana. Mafi muni kuwa ita ce addu'ar. Asalinta ji da ƙai, ƙai nan na tausayi wanda ake samu a jin ƙai, kuma yadda rai yake komawa ranta, kai ya koma kanta, haka ƙai yake komawa ƙanta. Wanda ya rubuta "Allah ya ji ƙanta" ya roƙa mata rahama. Wanda ya haɗe ya kuma zubar da ƙugiya ya rubuta "jikanta", ɗan ɗanta ya ambata. Gaskiya ne mai karatu zai gane nufi, amma sai ya yi tuntuɓe tukuna, mai makoki kuwa bai kamata a sa shi tuntuɓe ba.

Sauran na rubutu dattijo bai daɗe a kansu ba. Na ji kalma biyu ce, haka gare ka. A kan mai nufin bisa a rabe take, akan a haɗe kuwa ta al'ada ce, kamar a ce akan yi zaman makoki kwana uku. Ta'aziyya kalma ɗaya ce, da alamar hamza a tsakiya da y biyu.

Saurayi ya ce, "To Baba, in na gyara waɗannan sai in tura?" Dattijo ya ce, "A'a, riga ka wanke, ba ka ga ko ta yi wa mai ita daidai ba."

A nan ne aikin gaske yake. Saƙo yana iya tsira daga kowane kuskuren nahawu, amma a karanta a ji shi salam kamar takardar ofis. "Ina miƙa saƙon ta'aziyyata" magana ce ta sanarwar rediyo, wadda gwamna ko sarki ke yi wa jama'ar da bai san fuskokinsu ba. Ba ta dace tsakanin mutum biyu masu cin abinci a kwano ɗaya ba. "Ka ɗauki zuciya" daga Turanci aka kwaso ta ɗanya, kuma a kunnen Bahaushe ta fi kusa da fushi, tun da wanda ya yi zuciya ai ransa ne ya ɓaci. Haƙuri ake bayarwa. Shi ya sa in an shiga zaure wurin makoki ake cewa, "Ya haƙuri?" Kalmar mutuwa kuwa, ko da yake ba ƙarya ba ce, da ita ake faɗin ta akuya da ta fitila, ɗan'adam rasuwa yake yi, ko a ce an yi rashi, ko lokaci ya yi. Amma "kowa zai mutu" ita ce ta fi duka kaushi. Malami a kan mumbari yana da ikon faɗin haka, yaro ba ya faɗa wa na gaba da shi a ranar da ya binne uwarsa. In ana son a kawo wannan ma'ana, Hausa ta riga ta tanadi hanya, watau mai magana ya sa kansa ciki ya mai da ita roƙo, ya ce Allah ya kyautata namu ƙarshen.

Sa'an nan dattijo ya yi masa tambayar da ta juya saƙon duka. Ya ce, "Ka san marigayiyar?" Saurayi ya ce ya san ta, ta yi watanni a gidan Malam nan Vinikilang, kuma bara da zazzaɓi ya kwantar da shi, kullum da safe sai ta aiko masa da kunun gyaɗa. Dattijo ya ce, "To me ya hana ka faɗa? Addu'ar nan mutum ɗari za su turo masa irinta yau. Kunun nan kai kaɗai ka sha." Ya ce kuma ya kira ta da sunan da Malam yake kiranta, watau Inna, ya bar "mamanka" ga yara a filin wasa. Wajen ba da haƙuri ya ce ku, domin rashin ba na Malam kaɗai ba ne, akwai ƙanne da jikoki, wataƙila ma a karanta musu saƙon. "Na ji baƙin ciki sosai" kuwa aka cire ta ɗungum, don ba a kai wa mai makoki labarin zafin da wani ya ji.

Wani malami Kirista da ke zaune kusa ya tsoma baki ya ce su a wurinsu sun fi cewa Allah ya ta'azantar da ku. Dattijo ya amsa da cewa haka ne, kuma a gari irin wannan wajibi ne mai rubutu ya san gidan da yake aika wa saƙo, ya zaɓi lafazin da za a karɓa da hannu biyu; haƙuri da ta'azantarwa dai ba gidan da ke mai da su.

Abu na ƙarshe shi ne alkawari. Saƙon waya ba ya ɗauke wa mutum zuwa da ƙafa, sai dai ya riƙe masa wuri. Saboda haka aka so ya faɗi ranar da zai je, da abin da zai ɗauke wa Malam kafin ya dawo, amma kada ya ambaci abin da ba zai cika ba. Ga yadda saƙon ya tsaya:

"Salamu alaikum, Malam. Yanzu muka sami labarin rasuwar Inna. Allah ya ji ƙanta, ya gafarta mata, ya sa Aljanna ce makomarta, ku kuma ya ba ku haƙuri. Ba zan manta da kunun da ta riƙa aiko mini ba bara da na kwanta. Kada ka damu da 'yan ajinka, zan riƙe su har ka dawo. In Allah ya yarda ina nan tafe ran Asabar. A gai da dukan 'yan'uwa da haƙuri."

Saurayi ya karanta a bayyane sau ɗaya, kamar yadda dattijo ya umurce shi, don kunne ya kama abin da ido ya tsallake. Ya tura kafin a kaɗa ƙararrawar komawa aji. Amsa ba ta zo ba sai bayan isha'i, ita ma gajeriya: "Amin, na gode. Har ranar da ta bar Vinikilang tana tambayar jikinka. Allah ya kawo ka lafiya." Ran Asabar da sassafe ya tsaya bakin titi ya tari motar Mubi.