Manhajar kyauta ma tana da nata farashin

Ma'aikacin da ya zuba kuɗin sallamarsa a ƙaramar masana'antar sabulu a Idu, ba da jimawa ba littafin sito zai fi ƙarfinsa. A nan ne ake ba shi shawarar ERP, wato manhajar da ke haɗa saye, sito, sarrafawa da lissafin kuɗi wuri guda.

Lasisin SAP Business One ana biyansa ne gwargwadon yawan masu amfani, farashinsa kuma yana bin kuɗin waje. Wanda ya ga dala ta tashi daga kusan naira 460 a tsakiyar 2023 zuwa sama da 1,500 a 2024 ya san nauyin wannan. ERPNext kuwa ba ta da kuɗin lasisi ko kaɗan.

Sai dai wahalar ba a lasisi take ba. Dole wani ya zauna ya shigar da adadin mai da soda da kowane katan ke ci, ya kuma koya wa manhajar cewa duro ake saye amma da kilo ake awo. In aka kuskure nan, allo zai nuna saura duro uku alhali sito wayam. Ranar da hakan ta faru, masu taimako na sa-kai za su iya amsawa, amma babu wanda ya ɗauki alkawarin amsawa yau. Dillalin manhajar kuɗi shi ya ɗauka, a rubuce.

Duk da haka, a ganina ERPNext ta fi dacewa da irin wannan masana'anta, bisa sharaɗi: kuɗin da lasisi bai ci ba a ƙulla yarjejeniyar kulawa da shi da ƙwararre, kwafin bayanan kuma ya zauna a hannun mai masana'anta.