«An Dasa» Ba Inuwa Ba Ce

Kowace shekara in 3 ga Agusta ta zo, jimla ɗaya ce rediyo ke maimaita mana: an dasa itatuwa dubu kaza. Tun 1975 ake wannan bikin a Nijar. Ni da nake karatun ilimin harshe, kalmar «an» ɗin nan ce ke ci mini tuwo a ƙwarya. «An» ba ta da fuska, ba ta da gida, ba a iya tare ta a hanya a tambaye ta ina itacen bara. Ita ke dasawa, ita ke shan tafi, kuma in Maris ya kama ba ta ɗaukar bokiti. Abin da nake cewa a fili shi ne mu daina ƙirga dashe, mu koma auna inuwa. Ma'aunin zafi ba ya jin kunyar kowa.

Ku dubi Yamai. Tun 1965 aka soma kewaye birnin da dajin dogon yaro, har ya kai wajen hekta 2,500. Wanda ya ratsa wurin yau ya san abin da ya rage: an yanka filaye, an zuba bulo, wani sashen ya koma juji. A lissafin «an dasa» dajin na nan daram. Kan mai tafiya ƙasa da ƙarfe uku na rana ne kaɗai ya san gaskiya.

Sai dai awon ma yana da ƙa'ida, kuma nan ne da yawa cikin masu son itace ke ɓata mana hujja. Sai mutum ya ajiye ma'auni cikin rana ya nuna 52, ya kai shi gindin itace ya nuna 41, ya hau shelar cewa itace na rage zafin iska da digiri 11. Ba haka ba ne. Ma'aunin da rana ta buga zafin jikinsa yake faɗi, ba na iska ba. Shi ya sa masu lura da yanayi ke sa nasu cikin farin akwati mai tagogi, nesa da ƙasa. In sun ce Maraɗi ta kai 42 a watan Afrilu, zafin inuwa suke nufi.

Ga yadda za ka yi ba tare da ka ruɗi kanka ba. Kada ka ɗauko ma'aunin zazzaɓi na farmasi, don yana tsayawa wajen 42 ko 43. Kada ka dogara da lambar da ke cikin wayarka, don ba zafin lungunku take aunawa ba. Nemi ma'auni mai tsinken ƙarfe irin na masu gashi. Zaɓi wuri biyu a titi ɗaya, gindin babban dogon yaro da fili tsirara mai nisan taku talatin. A kowanne ka rataye ma'aunin daidai ƙirjinka, wato mita ɗaya da rabi, ka kare shi daga rana da farin kwali ba tare da ka toshe masa iska ba, ka jira minti biyar kafin ka rubuta. Sannan ka kwantar da bakinsa bisa ƙasa, ka rufe shi da ɗan rairayin wurin, ka sake rubutawa. Ka yi haka da ƙarfe 3 na rana da ƙarfe 9 na dare, kwana bakwai a jere, da ma'auni ɗaya. Awon yini ɗaya labari ne, ba hujja ba.

Abin da za ka gani zai iya ba ka haushi da farko. Bambancin iska tsakanin wuraren biyu kaɗan ne, sau da yawa digiri ɗaya ko biyu, domin iska ba ta zama wuri ɗaya. A nan ne mai kanti da ya sare itace don a ga allon shagonsa zai yi dariya ya ce, «To, kan digiri biyu kuke wannan hayaniya?» Ka nuna masa layi na biyu na takardarka. Rairayi da kwalta da ke cikin rana na iya haura 60, alhali ƙasar gindin itace ba ta yin nisa da zafin iska. Tazarar kan kai digiri 15 ko 20. Jikin mutum kuwa ba iska kaɗai yake ji ba. Rana na dukansa daga sama, ƙasa na hura masa wuta daga ƙasa, bango na ƙara masa daga gefe. Yaron da ke dawowa daga lakwal da silifa ya san wannan ilimi ba tare da ma'auni ba.

Lissafin ba shi da wuya. Da tsakar rana, kowace murabba'in mita na karɓar kusan wat 1,000 daga rana. Dogon yaro mai faɗin kai mita 8 yana rufe kusan murabba'in mita 50. Ke nan yana tsaye tsakaninmu da zafin da ya kai wat 50,000, yana tare mafi yawansa kafin ya taɓa ƙasa. Fankar ɗakinka da ke cin wat 60 ba ta fitar da zafi ko kaɗan, juya shi kawai take yi, kuma in wuta ta ɗauke ta tsaya.

Amma duk wannan ya dogara da inda itacen yake tsaye, abin da bikin dashe bai taɓa tambaya ba. A ƙarshen Afrilu rana na bin tsakiyar kanmu a Maraɗi da Damagaram, saboda haka itacen da ke kudu ko arewa da ɗaki ba ya kare bangonsa da komai. Wanda ke shan wuya shi ne bangon yamma, don rana na fuskantarsa daidai lokacin da iska ta fi zafi. Bulon siminti ya sha ya ƙoshi, da dare ya amayar cikin ɗaki. Dafa shi da tafin hannu da ƙarfe 9 ka ji. Wajen ƙarfe uku da rabi, tsawon inuwa kan yi daidai da tsawon abin da ya yi ta, tana kwantawa gabas. Itace mai tsawon mita 8 da aka dasa mita 4 yamma da bango zai lulluɓe shi tun kafin la'asar, kuma saiwarsa ta sami ɗan sarari daga tushen gini. In aka kai shi tsakiyar shatale-tale don manya su gani daga mota, ya zama inuwar giginya, na nesa ka sha.

Irin itacen ma magana ce. Turare na saurin tsawo, amma ganyensa a rataye yake, rana na ratsa shi kamar rariya. Gawo kuwa yana riƙe ganye duk rani, sai damina ta zo yake kaɗe shi, wato yana ba da inuwa lokacin da ake nemanta.

Za a ce mini ruwa na da tsada, kuma gaskiya ne. Ɗan itacen da aka dasa a Agusta yana da ruwan sama zuwa ƙarshen Satumba, daga nan sai wata takwas na ƙishi da haƙorin akuya. Wannan hujja tawa ce, ba tasu ba. In ruwanmu bai isa itace dubu ba, me ya sa muke dasa dubu? Goma a yammacin azuzuwa da bakin tasha da ƙofar masallaci, inda ruwan alwala ke malala a banza, kowanne da shingen ƙaya da bokiti sau biyu ko uku a mako har rani biyu, sun fi dubun da Mayu ba zai tarar ba.

Don haka ga buƙatata ga ƙungiyoyinmu na ɗalibai. Duk wanda ya gayyace mu dashe, mu tambaye shi abu uku: wane gefen gini, sunan wa ke kan bokitin, kuma yaushe za a dawo ƙirga masu rai. Ranar ƙirgar ta zama cikin Mayu, da ƙarfe 3 na rana, da ma'auni a hannu. Wanda ya ƙi zuwa wannan ranar, kada mu riƙe masa shebur a waccan.