Sayen gida ko zaman haya: lissafin ɗan kasuwar Oloumi

Duk ɗan kasuwar da Allah Ya buɗa wa a Oloumi, da zarar kuɗi sun taru sai 'yan uwa su fara ce masa ya nemi gidan kansa, wai kuɗin haya zuba ruwa ne a rariya. Maganar tana da gaskiyarta, amma abubuwan da suka faru a Gabon cikin shekarun nan sun sa dole mutum ya zauna ya yi lissafi kafin ya kwashe jarinsa ya binne a bulo.

Abu na farko shi ne takarda. Kundin tsarin mulkin da aka amince da shi a ƙuri'ar raba-gardama ta Nuwamba 2024 ya keɓe takardar mallakar ƙasa ga 'yan Gabon. Bahaushen da kakanninsa suka zauna Oyem ko Bitam, yana riƙe da shaidar ɗan ƙasa, hanya a buɗe take gare shi ya bi ta hukumar filaye ta ANUTTC. Wanda kuwa ya zo daga Maraɗi ko Kano da katin zama, lamarinsa dabam ne. In ya saya da sunan aboki, a idon doka gidan na abokin ne da magadansa. Rusau ɗin Plaine Orety a Yunin 2025 kuma ya tuna wa kowa cewa takardar cinikin da aka rubuta tsakanin mai saye da mai sayarwa ba ta tsayar da katafila.

To, mu ɗauka takarda ta cika, mu buga misali. Ga gida na sefa miliyan 30, irin wanda ake ba da haya sefa 200,000 a wata, wato miliyan 2.4 a shekara. Wanda ya saya ya huta da wannan kuɗi, amma gyara ya dawo wuyansa. A garin da ruwan sama ke kusan milimita 3,000 a shekara, ga iskar teku mai cin kwano da ƙarfe, mu ware sefa 450,000 duk shekara don rufi, fenti da magudanar ruwa. Ashe abin da gidan ya tsimin masa miliyan 1.95 ne, kashi 6.5 cikin ɗari na kuɗin da ya zuba.

Shi kuma wanda ya zauna haya ya bar miliyan 30 ɗin a shago, mu ce suna kawo masa ribar kashi 15 cikin ɗari bayan an cire duk ɗawainiya, wato miliyan 4.5. Kayan ciniki ana fitar musu da zakka kashi 2.5 cikin ɗari, gidan zama kuwa babu zakka a kansa, don haka a ware aƙalla 750,000. Saura miliyan 3.75. Idan aka gwada da miliyan 1.95 na mai gida, ɗan haya ya wuce shi da miliyan 1.8 a shekara. Kafin mai gida ya kamo shi, sai darajar gidan ta riƙa hawa da kashi 6 cikin ɗari duk shekara.

Wannan misali yana da ma'auni. In ribar jarin ta sauka ƙasa da kashi 9 cikin ɗari, sayen gida ya fi, ko da darajarsa ba ta motsa ba. Nan ne mutane ke ruɗin kansu, domin shagon da ke juya miliyan 10 da riba mai kauri ba lallai ya iya juya 40 haka ba. Alamar tana nan a fili: kaya na kwana wata shida a sito, littafin bashi na ƙara kauri. Wanda ya ga haka, ƙarin jarinsa ba ya aiki, gara ya zama gida. Sayen gida da bashin banki kuwa, ban da matsalar riba da Musulmi ke gudu, kuɗin ruwan kan cinye ɗan abin da gidan ke tsiminwa.

Sai batun sauƙin tashi. A Agustan 2025 gwamnati ta sanar da keɓe wasu ƙananan sana'o'i ga 'yan ƙasa, ciki har da ƙaramin cinikin unguwa da gyaran waya. Baƙon da doka ta taɓa sana'arsa, in ɗan haya ne, zai sallami mai gida ya karɓi kuɗin ajiyarsa ya kama hanya. Mai gida sai ya jira mai saye, kuma wanda ke sayarwa cikin gaggawa ba shi ke yanka farashi ba.

Haya ma tana da ranar da take ciwo, ranar da ƙarfi ya ƙare, ciniki ya tsaya, mai gida kuma bai daina ƙwanƙwasa ƙofa ba. Saboda haka ɗan ƙasa mai cikakkiyar takarda, wanda shagonsa ya ƙoshi da jari, sayen gida ya dace da shi. Baƙo kuwa ya fi masa ya zauna haya a Libreville, ya riƙa cire rarar nan ta kowace shekara yana gini a garin da za a rubuta sunansa a takardar fili, inda kuma zai koma in tsufa ya zo. Allah Ya sa mu dace.